Takardar Gwajin Ɗango: Ga Ɗaliban Ajin Rubutacciyar Waƙa

Ɗalibai, na karanta waƙoƙin da kuka miƙa mini, kowace ƙwar biyar mai baiti 12, wato ɗango 60. Na mayar muku da su ba tare da na gyara ko kalma ɗaya ba, domin wannan aikin naku ne. Kowa ya ajiye tasa kwana 2 har zumuɗin gamawa ya kwanta, sannan ya ɗauko ta, ya tsayar da ɗangogin ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa kowanne tambayoyin da ke cikin wannan takarda.

Fara da tambayar da ta fi ciwo: in babu wannan ɗango, me waƙar ta rasa? Rufe shi da yatsa, ka karanta na samansa da na ƙasansa a haɗe. Idan ma'ana ta wuce sumul, ba ta yi tuntuɓe ba, to ɗangon cikon benci ne. Ka ƙara tambaya: jigo ne ya kawo shi, ko amsa-amo? A nan ƙwar biyar ta fi kama mutum, saboda ɗango huɗun farko na kowane baiti suna bin amsa-amon ciki, na biyar kuma yana ɗauke da babban amsa-amon da ya ratsa waƙar duka. Sau da yawa maganar marubuci takan ƙare a ɗango na uku, sai ya toshe gurbin na huɗu da irin su "ku saurara 'yan'uwana" ko "wannan batu haka yake." Na ga irin wannan a kusan kowace waƙa da na karanta, kuma ya dame ni ƙwarai, domin yakan zo ne daidai inda mai sauraro ya miƙa kunne. Tun da tsarin baiti bai yarda a bar gurbin fayau ba, magani shi ne ka nemo abin da ba ka riga ka faɗa ba, ka sa shi a wurin.

Daga nan sai kunne. Rera ɗangon da murya a fili, ban da karatun zuci. Ina numfashinka ya yanke? Ina harshenka ya harɗe? Shin ka ja wani wasali da ba a jansa a magana don kawai karin ya zauna? Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka ido yana iya ruɗar ka: "gari" da mutane ke zaune a ciki da "gari" da ake niƙawa rubutunsu ɗaya ne, amma gaɓar farko ta na farkon marar nauyi ce, ta na biyun kuwa mai nauyi. Ka auna gaɓoɓin da baki, ka gwada su da ɗangon da ke matsayi ɗaya a baitin farko. Ka kuma duba ko sautin ya dace da abin da ake faɗa, domin ɗangon rarrashi da ya cika da ƙ da ts da ɗ yana iya fitowa kamar faɗa.

Sai ka tambayi ɗangon: me ka nuna mini? Ɗaya daga cikinku, a marsiyyar mahaifiyarta, ta rubuta cewa baƙin ciki ya cika mata zuciya. Gaskiya ta faɗa, ban yi shakka ba, amma ban ga komai ba. Can a baiti na 9 sai ta ce takalman marigayiyar suna nan a bakin ƙofa, ƙura ta hau su, babu wanda ya iya ɗauke su. A nan na ajiye takardar na yi shiru. Ɗangon bai ambaci baƙin ciki ba, ya bar takalman su yi magana. Don haka duk inda ka rubuta ƙauna, ko kewa, ko zalunci, ka tambayi kanka wane abu ne da ido ke gani ko hannu ke taɓawa zai ɗauki nauyin kalmar. Idan kuma ka riga ka yi siffantawa, ka tabbata ba ka haɗa hotuna biyu masu karo da juna ba, kamar wutar da take ambaliya a ɗango guda.

Tambayar bazata gajeriya ce, kuma tana buƙatar mutum na biyu. Karanta wa abokin karatunka ɗangon, ka tsaya kafin kalmar ƙarshe. Idan ka ce "fari fat kamar" ya cafe da "auduga," to mai sauraro ya riga ka isa, kuma ba ka ba shi komai ba. Sai dai kada wannan ya sa ka jawo baƙuwar kalma don burgewa. Abin nema shi ne kalmar da bai zata ba, amma da ya ji ta sai ya ga babu wadda ta fi ta dacewa da wurin.

A gefen kowane ɗango ka rubuta tambayar da ya kasa amsawa. Wanda ya faɗi a ta farko, a sauya shi baki ɗaya ko da ya yi zaƙi a baki. Wanda ya faɗi a sauran, a gyara shi. Ku kawo mini tsohon rubutun da alamominsa tare da sabon nan da kwana 7, kuma kowa ya shirya rera baitin da ya fi shan gyara a gaban aji.