Gyaran amsoshi uku daga sashen lissafi

Tsohuwa: "Ba zan yi ba, aiki ya yi mini yawa."
Sabuwa: "Ranka ya daɗe, rahoton wata yana hannuna har Alhamis. In za a iya jira, zan fara naka Juma'a da safe."
Ta farkon ta rufe ƙofa. Ta biyun ta faɗi dalili da rana, sai shugaba ya zaɓi wanda za a gabatar.

Tsohuwa: "Kayanku sun yi tsada."
Sabuwa: "Alhaji, mun gode da farashin kujeru 40 ɗin, amma ya wuce kasafinmu na bana. Za mu neme ku a sayayya ta gaba."
Kada a rubuta jimlar ƙarshe sai da niyyar cikawa.

Tsohuwa: "Ba aikina ba ne."
Sabuwa: "Malama, wannan na sashen albashi ne, na tura musu takardarki."