Taƙaitaccen bayani kan gyaran Tsarin Mulkin Kamaru na 2008

An shirya wannan bayani ne domin mahalarta ajin wayar da kai kan dokokin ƙasa da ake yi da Hausa a Garwa. Ya shafi Doka mai lamba 2008/001 ta 14 ga Afrilu 2008, wadda ta gyara wasu sassan Doka mai lamba 96/06 ta 18 ga Janairu 1996, wato Tsarin Mulkin Kamaru. Sassa shida ta taɓa: na 6, 14, 15, 51, 53 da 67.

Babban abin da aka soke yana cikin sashe na 6(2). A da, ana zaɓen Shugaban Ƙasa na shekara 7, kuma sau ɗaya tak zai iya neman sabon wa'adi. Gyaran ya bar shekara 7 ɗin yadda suke, amma ya cire wannan iyaka, don haka shugaba mai ci na iya sake tsayawa ba adadi. A sashe na 51(1), an soke wa'adin shekara 9 na mambobi 11 na Majalisar Kare Tsarin Mulki, wanda ba a sabunta shi, aka mayar da shi shekara 6 da za a iya sabuntawa. Wannan ya cancanci a lura da shi, domin mamban da ke fatan a sake naɗa shi ba ɗaya yake da wanda ya san sau ɗaya zai zauna ba. Haka kuma, idan kujerar Shugaban Ƙasa ta zama babu kowa, sashe na 6(4) ya tsawaita lokacin shirya zaɓe daga kwana 40 zuwa kwana 120.

Daga cikin abubuwan da aka ƙara, mafi nauyi shi ne kariyar da ke sashe na 53: ayyukan da Shugaban Ƙasa ya yi a ƙarƙashin sassa na 5, 8, 9 da 10, waɗanda suka fayyace ikonsa, ba za a tuhume shi a kansu ba ko bayan ya sauka. Tuhumarsa da cin amanar ƙasa kuwa sai Majalisar Dokoki da ta Dattawa sun amince a ƙuri'ar fili, da rinjayen huɗu bisa biyar na mambobinsu. Sashe na 67(6) ya ce idan aka kafa Majalisar Dattawa kafin majalisun yankuna, kansilolin ƙananan hukumomi kaɗai ne za su zaɓi sanatoci.

Game da lokacin fara aiki, Majalisar Dokoki ta amince da gyaran ranar 10 ga Afrilu 2008, Shugaba Paul Biya ya sa hannu ranar 14 ga watan, kuma dokar ta umarci a wallafa ta bisa tsarin gaggawa a Jaridar Gwamnati, da Faransanci da Ingilishi. Sai dai ba rana ɗaya aka ga tasirin sassan ba. An fara amfani da sabon sashe na 6(2) a zaɓen Oktoba 2011, da na 67(6) a zaɓen sanatoci na Afrilu 2013, yayin da Majalisar Kare Tsarin Mulki ba a naɗa mambobinta ba sai a 2018.