Jawabin Kwamitin Makaranta a Taron Gidauniyar Gyaran Ajujuwa, Unguwar Rikkos, Jos

Assalamu alaikum. Mai Unguwa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, tsofaffin ɗalibai, mun gode da kuka bar harkokinku kuka amsa gayyata.

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Mahaifiyarta ta amince mu ba da labarinta, amma za mu sakaya sunanta. Mahaifinta ya rasu, mahaifiyar kuma ƙosai take soyawa a bakin titi. Yarinyar nan ita ke tashi da asuba ta kai markaɗe, ta dawo ta yi shirin makaranta, kuma ba ta cika makara ba. A farkon daminar da ta wuce iska ta yaye rufin ajinsu, aka gwama su da 'yan aji biyar. Ba benci, sai ƙasa. Da sanyin Disamba ya shigo, wannan sanyin na Jos da kowa ya sani, ta kwanta da ciwon ƙirji har mako uku. Ranar da ta dawo, abin da ta fara tambayar malamarta shi ne ko an wuce ta a lissafi. An wuce ta kuwa, domin malama ɗaya ba ta iya komawa baya saboda yaro guda alhali yara sittin na gabanta.

Ga halin da ake ciki. Ɗalibanmu 358 ne, malamai 11, ɗakunan karatu tara. Uku ba sa shiguwa. Kuɗin makaranta naira 4,000 ne a zango, kuma yara 74, marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, ba ma karɓar ko kwabo a hannunsu. Abin da ke shigowa da ƙyar yake biyan albashi da alli.

Kafintoci biyu sun hau sun duba, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ba a shafa wa katakon maganin gara ba, gara ta cinye shi ta ciki. Sannan ba a ɗaure shi da ƙarfe a jikin bango ba, ƙusa kawai aka buga, shi ya sa iska ta shiga ta tagogin da ba marufi ta ɗaga rufin gaba ɗaya. Faci ba zai yi ba, asarar kuɗi ce.

Mun zaga Kasuwar Katako da shagunan kayan gini a makon jiya. Rufi zai ci naira 2,270,000: kwano bandir 14 a kan 85,000 kowanne, katako na 620,000, ƙusa da ƙarfen ɗauri da maganin gara 110,000, aikin kafinta 350,000. Daɓe zai ci 990,000, wato siminti buhu 60 a kan 10,500, yashi tifa biyu 160,000, magina 200,000. Tagogin ƙarfe 12, 540,000. Benci 40 masu cin yara uku-uku, a kan 28,000, ya kama 1,120,000. Mun ware 380,000 saboda tashin farashi, don kowa ya san yadda siminti yake kwana da kuɗi ɗaya ya tashi da wani. Jimla naira 5,300,000. Iyaye da tsofaffin ɗalibai sun riga sun tara 1,150,000. Saura 4,150,000.

In kuɗin bai cika ba, rufi za mu fara yi, kuma dole a gama shi kafin ruwa ya sauka a watan Afrilu. Sai tagogi, domin su ne ke kare rufin daga iska. Daɓe ya biyo baya, benci a ƙarshe. Gara yaro ya zauna a tabarma a ɗaki busasshe.

Wannan kuɗi ba zai ƙara malami ba, ba zai gyara ban-ɗaki ba, duk da cewa muna bukatar su. Ba kuma za a taɓa shi a biya albashi ba. Mutum uku ne ke sa hannu a asusun, ba a cire kuɗi sai biyu sun sa. Duk ƙarshen wata za mu liƙa lissafi da rasit na kowace sayayya a ƙofar ofishin shugaban makaranta, kowa ya zo ya duba. In wani abu ya ragu, taron iyaye ne zai yanke yadda za a yi da shi.

Alhaji, in Allah ya hore maka, ɗauki bandir guda. Hajiya, ku haɗu ku huɗu a ƙungiya, dubu bakwai-bakwai, ga benci ya samu. Mai ɗari biyar kada ya ji kunya, da shi za a sayi ƙusa. Magini ko kafinta da zai ba mu yini ɗaya kyauta, a rubuta sunansa, mu cire daga lissafi.

Teburin ma'aji na nan kusa da ƙofa. Kada wanda ya ba da kuɗi ya tafi bai karɓi rasit ba. Mai son turawa ta waya, lambar asusun na jikin katin gayyata. Wanda ya yi alkawari, muna roƙo ya cika kafin ƙarshen Fabrairu, domin a farkon Maris kafintoci za su hau.

Allah ya saka da alheri, ya sa ku tarar a mizani.