Mi ya sa SRO ke aiki alhali zawon bai tsaya ba

Salamu alaikum ƴan uwa na Tawa. Damina ta kankama, an fara kawo mana masu amai da zawo, kuma kullum magana guda nake ji bakin iyaye mata: "malam likita mun ba shi ruwan sashe amma zawon bai tsaya ba, sai muka bari." Don Allah ku karanta.

Ƙwayar kolera da ta shiga ciki ta gurɓataccen ruwa ko abinci ba ta cin hanji, ba ta shiga jini. Maƙalewa take jikin ƙaramin hanji tana sakin dafi. Dafin nan kashi biyu ne, guda ya kama fatar hanjin, ɗayan ya kutsa ciki ya kunna wani makunni ya hana shi mutuwa, sai wani sinadari da ake kira cAMP ya yi ta taruwa, ƙofofin da gishiri ke fita su tsaya buɗe, gishirin jiki ya yi ta zuba cikin hanji, shi ko ruwa duk inda gishiri ya nufa can yake bi. Shi ya sa zawon ke fita fari kamar ruwan wankin shinkafa, ba jini, galibi ba masassara. In abin ya yi tsanani babba na iya zubar da litar guda cikin awa guda. Ka ga ido ya zurma, yatsu sun yamutse, ka tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa, ƙafafu na ɗaurewa.

To amma akwai wata ƙofa da dafin bai taɓa ba, wadda ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari. In suka zo tare hanji ya ja su, ruwa ya bi su ya koma jini. Sirrin SRO, wato ruwan sashe na gishiri da sukari, ke nan. Ba shi tsaida zawo, mayar da abin da ya zuba yake har jiki ya kori ƙwayar cikin ƴan kwanaki. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya yi aiki da shi a sansanin ƴan gudun hijira a Indiya da ruwan ƙari ya ƙare musu, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Sashe guda cikin litar guda ta tafasasshen ruwan da ya huce. In babu sashe, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin litar guda ta ruwan. Kar a ce bari a ƙara sukari ya yi daɗi, in ya yi yawa shi ma ruwa yake janyowa cikin hanji, lemun kwalba ma haka. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba kurɓi-kurɓi, mai shan nono kar a cire masa.

Amma a ba shi ana tafe asibiti ne fa. Wanda ya galabaita ba ya iya sha, wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya, ko tsakar dare ne ku kawo shi.