Taƙaitaccen bayani kan bayananku da muke karɓa da inda suke zuwa

Takardar ƙa'idojin sirri ta wannan manhaja ta ajiye hotuna ta kai shafi 14, kuma mun san yawancin mutane danna "Na amince" suke yi su wuce. Shi ya sa muka rubuta wannan taƙaitawa. Ba ta maye gurbin cikakkiyar takardar ba, amma duk abin da ya kamata ku sani kafin ku ɗora hoton farko yana nan.

Lokacin buɗe asusu muna karɓar suna, adireshin imel ko lambar waya, da shekarar haihuwa, domin ba ma buɗe wa wanda bai kai shekara 16 ba. Kalmar sirrinku ba ma ajiye ta yadda kuka rubuta ta. Ana juya ta zuwa wasu lambobi da ba a iya mayar da su, don haka ko ma'aikacinmu bai san ta ba. Duk wanda ya kira ku ya ce daga wurinmu yake, yana neman kalmar sirri, ɗan damfara ne.

Abin da ya fi buƙatar ku tsaya a kansa shi ne hotunan kansu. Hoto yana ɗauke da fiye da abin da ido ke gani. Idan waya ta ɗauki hoto, takan liƙa masa wasu bayanai a ɓoye, waɗanda ake kira EXIF: ranar da aka ɗauka, da sa'a har da minti, da samfurin wayar, kuma idan kun bar kyamara tana amfani da wurin da kuke, har da lambobin taswira na inda kuka tsaya. Hoton jariri a kan gado, wanda ba a ganin komai a cikinsa sai zanen gado da ƙafar yaron, yana iya nuna gidan da aka ɗauke shi a kan taswira. Idan kuka ɗora hoto, waɗannan bayanai suna zuwa mana tare da shi, kuma da su muke jera muku hotuna bisa kwanan wata da wuri. Idan kuka tura hoton ga wani ta cikin manhajar, muna cire bayanin wurin kafin ya fita, sai fa in ku da kanku kuka zaɓi a tura asalin fayil ɗin. Ku yi hattara da wannan zaɓi, don da zarar asalin ya isa wayar wani, ba mu da ikon dawo da shi.

Hotunanku a kulle suke yayin da suke tafiya tsakanin wayarku da rumbunmu, a kulle kuma suke a ajiye. Amma makullin yana hannunmu, ba a hannunku kaɗai ba. Ma'ana, na'urorinmu suna iya buɗe hoton don su ƙanƙanta shi ko su nemo muku shi. Ma'aikaci ba ya buɗe hoton kowa sai a hali biyu: idan kun nemi taimako kuka ba da izini, ko idan an kawo ƙorafi a kan hoton da aka yaɗa. Kowace buɗewa ana rubuta wanda ya yi ta da dalilinsa. Wannan ne wurin da muka fi so ku fahimta, domin mutane da yawa suna jin kalmar "a kulle" su ɗauka babu mai iya gani ko kaɗan.

Tsarin gane fuska, wanda ke tattara hotunan mutum ɗaya wuri guda, a kashe yake har sai kun kunna shi. In kun kashe shi daga baya, ma'aunin fuskokin da aka ɗauka yana gogewa cikin kwana 7. Ku tuna cewa fuskokin da ke cikin hotunanku ba naku ne kaɗai ba, kuma masu su ba su sa hannu a takardarmu ba.

Akwai kuma abin da wayar ke faɗa mana ba tare da kun rubuta komai ba: adireshin IP, wanda ke nuna ƙasa ko garin da kuke a ƙiyasce, irin wayar, harshen da kuka zaɓa, lokacin da kuka shiga, da rahoton matsala idan manhajar ta tsaya. Muna riƙe waɗannan na wata 12. Ba ma karɓar jerin lambobin da ke wayarku, ba ma karanta saƙonninku, kuma makirufo yana aiki ne kawai yayin da kuke ɗaukar bidiyo.

Su wa suke samun bayananku? Kamfanin da muke hayar rumbun ajiya a wurinsa, wanda na'urorinsa na iya kasancewa a wata ƙasa ba taku ba, da kamfanin da ke aika muku lambar tabbatarwa, da wanda ke tattara mana rahoton matsala. Yarjejeniya ta hana su amfani da bayanan don harkar kansu. Kuɗin rajista ta Google Play ko App Store kuke biya, saboda haka lambar katinku ba ta zuwa wurinmu, shaidar biya kawai muke gani.

Masu talla su ne inda ya kamata a yi magana dalla-dalla. Idan kuna kan tsarin kyauta, muna ba abokan tallarmu lambar talla ta wayarku, wato lambar da masu talla ke gane wayar da ita, da ƙasarku, da irin wayar. Ba ma ba su hotuna, ko suna, ko imel. Sai dai wannan lamba ɗaya ce a duk manhajojin da ke wayar, don haka mai talla yana iya haɗa abin da ya samu a wurinmu da abin da ya samu a wasu wurare, ya gane ɗabi'un mai wayar ko da bai san sunansa ba. Kuna iya toshe wannan. A iPhone, tun daga iOS 14.5 na shekarar 2021, dole manhaja ta nemi izini, sai ku zaɓi "Ask App Not to Track". A Android, ku nemi "Delete advertising ID" a saitunan talla. Za ku ci gaba da ganin talla, amma ba wadda aka zaɓa don ku ba.

Hukuma tana iya neman bayanan wani. Ba ma bayarwa sai da umarnin kotu ko takardar da doka ta tilasta mana bi, kuma muna sanar da mai asusun in dai doka ba ta hana ba. Idan aka sayar da kamfanin, bayananku za su koma hannun mai saye, kuma za mu sanar da ku kwana 30 kafin hakan, domin wanda bai yarda ba ya kwashe kayansa.

Hotunan naku ne. Izinin da kuka ba mu na ajiyewa ne da nunawa ga wanda kuka zaɓa, ba ma sa su a talla. Amma mahaɗin buɗe hoto da kuka tura wa mutum ɗaya, duk wanda ya same shi zai iya buɗewa har sai kun soke shi.

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ba mutum haƙƙin ganin bayanansa, da gyara su, da kwashe su, da neman a goge su. Mun ba kowa waɗannan haƙƙoƙi, ko a ina yake zaune. Ku shiga Saituna, sannan Sirri, za ku ga wurin sauke bayananku da wurin rufe asusu, kuma muna amsa kowace buƙata cikin wata ɗaya. Hoton da kuka goge yana kwana 30 a kwandon shara kafin ya tafi, kwafinsa na ko-ta-kwana kuma yana iya kai kwana 90. Rasit ɗin biyan kuɗi kaɗai muke riƙewa bayan rufe asusu, gwargwadon yadda dokar haraji ta buƙata.