Takardar Roƙon Gyaran Rijiyar Burtsatse ta Unguwar Tsamiya

Ƙungiyar Cigaban Unguwar Tsamiya,
Ƙaramar Hukumar Daura,
Jihar Katsina.
Litinin, 14 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Samar da Ruwan Sha da Tsaftar Muhalli a Karkara (RUWASSA),
Katsina.

Ta hannun Shugaban Ƙaramar Hukumar Daura.

Ranka ya daɗe,

ROƘON GYARAN RIJIYAR BURTSATSE MAI AIKI DA HASKEN RANA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan an yi sallah lafiya, mu shugabannin wannan ƙungiya, da yawun mai unguwa da limami da dukan magidanta, muna kawo kukanmu gare ka a kan rijiyar burtsatsen da ke bakin makarantar firamare ta unguwarmu. Rijiyar ta tsaya tun ranar Alhamis, 20 ga Fabrairu, saura kwana tara a kama azumi. Yau kwana 53 ke nan ko ɗigo bai fito daga famfunanta ba.

Tun farko muna so mu bayyana cewa ba sabuwar rijiya muke nema ba. Ramin lafiyarsa lau, kuma akwai ruwa a ciki. Injin da ke turo ruwan ne ya mutu.

An haƙa rijiyar a shekarar 2019. Zurfinta mita 68, tana da faifan sola 8, da tanki biyu masu cin lita 5,000 kowanne a kan hasumiyar ƙarfe, da kan famfo shida. Gidaje 146 ne ke sha daga gare ta bisa ƙidayar da muka bi gida-gida muka yi, ban da ɗaliban firamare da na Islamiyya, ban da Fulanin rugar da ke arewa da mu waɗanda ke kawo shanu kwamin da muka gina da kanmu a gefe.

Da ta tsaya ba mu zauna ba. Mun ɗauko mai gyara daga cikin garin Daura, matasanmu suka taya shi zaro bututun ɗaya bayan ɗaya har aka fito da injin, wanda masu sana'ar ke kira sumo. A gabanmu ya kwance shi. Cikinsa cike yake da yashi mai laushi kamar an tankaɗe, kuma wayar cikinsa ta ƙone ƙurmus, ana jin ƙaurinta tun daga nesa. Ya ce naɗi ba zai yi ba, sai sabo. Ya kuma ɗaura ƙarfe a igiya ya zura, ya tarar da ruwa a mita 31, a tsakiyar rani. Shawararsa ita ce a wanke ramin da kwamfuresa kafin a sa wani injin, in ba haka ba yashin da ya kashe na farko zai kashe na biyu. Akwai kuma faifan sola ɗaya da ya tsage, da akwatin kwantirola da ya ce a duba shi.

Ba za mu ɓoye namu laifin ba. Tun bara ruwan ya fara fitowa da ɗan yashi a gindin bokiti, muka ɗauka abin wucewa ne. Kuɗin wata-wata da kowane gida ke bayarwa shi ma mun yi sakaci da karɓarsa bayan damina. Da mun kai rahoto a lokacin, wataƙila da wankin rami kaɗai ya isa.

Ranka ya daɗe, mun yi azumin bana a wahale. Tsohuwar rijiyar gargajiya da ke bayan masallaci ita muka koma wa, ita kuwa kafin hantsi guga ya fara kwaso laka. Mata na fita tun kafin assalatu su ajiye tulu da jarka a layi, wata sai azahar take samun jarka biyu, ruwan kuma ja-ja-ja sai an jefa alif an bar shi ya kwanta. Mai hali yana saye wurin 'yan garuwa, jarka ɗaya naira 200, wadda a da yake cika ta a bakin famfo da naira 20. Gida mai mutum goma ba ya kashe ƙasa da jarka shida a yini. Sai a lissafa wa manomin da hatsinsa ya fara ja baya a rumbu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yara. Shugaban makaranta ya nuna mana rajistar aji biyar da aji shida na zangon da ya wuce: 'yan mata da yawa sai ƙarfe goma suke shigowa, zanensu a jiƙe, wasu kuma ba sa zuwa sam. An rufe bayin makarantar saboda ba ruwan wankewa, kowa kuma ya san inda yara za su nufa in an rufe bayi. Damina na tafe. In ruwan farko ya wanko bayan gari zuwa kududdufi da bakin buɗaɗɗiyar rijiyar da muke sha, amai da gudawa muke tsoro, Allah ya kiyaye. Masu turken ragunan layya kuma tuni wasu suka fara sayarwa da asara, don ba za su iya saya wa dabba ruwa har babbar sallah ba.

Don haka muke roƙon hukuma ta turo injiniyoyinta su duba rijiyar da idonsu, su tabbatar ko su gyara abin da mai gyaranmu ya faɗa. In ya tabbata, a taimaka mana da wanke ramin, da sabon inji daidai da zurfinsa, da canjin faifan da ya tsage. Muna kuma roƙon a koya wa matasanmu biyu yadda ake kula da kayan, don ƙaramar matsala ta daina zama babba a hannunmu.

Mu ma ba hannu rabbana muka zo ba. Mun yi karo-karo mun tara naira 310,000, cikinsu har da 45,000 da ƙungiyar mata ta fitar daga adashinta, kuɗin suna ajiye wurin ma'aji. Leburanci da yashi da abincin ma'aikata duk a wuyanmu. A taron da muka yi a ƙofar gidan mai unguwa ranar Juma'a, 11 ga Afrilu, an amince kowane gida zai riƙa ba da naira 500 a wata, a rubuta a littafi, a karanta lissafin bayan sallar Juma'ar farko ta kowane wata. Mun kuma ɗauki mai gadi, mun kewaye faifan da waya.

Mun haɗo da hotunan injin da faifan, da takardar binciken mai gyara, da jerin gidajen. Duk ranar da jami'anku za su zo, a sanar da sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma, sakatarenmu zai tarye su a sakatariya ya yi musu jagora.

Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo, amin.

Naku masu biyayya,

Malam Sani Tela, Shugaban ƙungiya (ya sa hannu)
Lawal Malamin Makaranta, Sakatare (ya sa hannu)
Alhaji Idi Mai Hatsi, Ma'aji (ya sa hannu)
Hajiya Binta Ungozoma, Shugabar mata (ta dangwala yatsa)
Nura Makaniki, Shugaban matasa (ya sa hannu)
Arɗo Buba, wakilin makiyaya (ya dangwala yatsa)
Liman Malam Haruna (ya sa hannu da ajami)
Mai Unguwa Ɗahiru (ya sa hannu da hatimi)

Kwafi zuwa ga:
Hakimin ƙasarmu, ta hannun Dagaci
Kansilan mazaɓa
Shugaban sashen ruwa da tsafta, Ƙaramar Hukumar Daura