Saƙon tabbatar da ranar ganin likita

Assalamu alaikum Hajiya Rabi, da fatan an tashi lafiya, ya ƙarfin jiki?

Daga sashen masu ciwon suga da hawan jini na asibitinmu da ke Birnin Kebbi ne. Takardar da aka rubuto miki daga Jega ta iso, kuma mun sa miki ranar ganin likita karo na farko: Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 9:00 na safe.

Amma ki iso da ƙarfe 8:00. Tun da ba ki da kati a wajenmu, sai an buɗe miki fayil, an auna jininki da nauyinki, an ɗebi jinin gwaji kafin ki shiga wajen likita, kuma wannan kan ci awa guda. Idan kin shigo get, ɗakin kati na hannun dama. Ki faɗi sunanki a tagar. Wanda ya wuce 9:30 sai an gama da na kan layi.

Gwajin sugan da za a yi miki ba a yin sa bayan an ci abinci. Daga ƙarfe 10:00 na daren Litinin kada ki ci komai, har da kunu, fura, shayi ko goro. Ruwa zalla ki sha abinki. Maganin hawan jini ki sha da safe yadda kika saba, na suga kuwa ki dakata da shi sai an ɗebi jini. Ki riƙo ɗan abin karyawa a jaka, da an gama ki ci ki sha maganin.

Ki zo da duk magungunan da kike sha a cikin kwalayensu, ko da saura ƙwaya ɗaya. Har na gargajiya da na Islamiyya, don Allah kada a bar su a gida, ba faɗa za a yi miki ba, likita ne ke son sanin abin da ke shiga jikinki. Sai kuma sakamakon gwaje-gwajen baya, katin shaida, da katin inshorar lafiya na KECHEMA in kina da shi. In babu, kuɗin kati da gwaji naira 5,000 ne. Gara a riƙo tsaba, sabis kan ɗauke da safe.

Mutum ɗaya zai iya rako ki har ciki.

Idan ranar ba ta yi miki ba, ko akwai tambaya, ki kira wannan lambar da saƙon ya zo da ita, ki nemi Malama Hadiza, Litinin zuwa Juma'a, 8:00 na safe zuwa 4:00 na yamma. A sanar da mu kafin Litinin da azahar don mu ba wani gurbin.

In kafin ranar kika ji ciwon ƙirji, numfashi na sarƙewa, baki ya karkace ko ɓarin jiki ya mutu, kada a jira Talata, kada a tsaya kiran waya: a kai ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa nan take.

Ki amso da "Zan zo" don mu san saƙon ya same ki. Allah ya ƙara sauƙi.